An tura kuɗin, ko ƙarfe uku aka tura?



Sharhinmu na yau ya shafi saƙon waya ne, irin gajeren nan da ba ya wuce layi ɗaya ko biyu, wanda mutum kan rubuta da Turanci yana tsaye a bakin shago ko yana zaune a bayan Keke Napep. Ka biya kuɗi, ka isa tasha, ka aika takarda, kana son ka shaida wa wanda ba ya jin Hausa. A nan ne yatsa kan tsaya a kan waya. Shin "I sent the money" za a rubuta, ko "I have sent the money"? Malaman Turanci suna kiran ta farko simful fas, ta biyu kuma firezen fafet. Mu dai don sauƙin magana za mu riƙa cewa marar "have" da mai "have".

Akwai wata ƙa'ida da ɗalibai da yawa suka taso da ita, wai idan abu ya faru yanzun nan sai a sa "have", idan kuma ya daɗe sai a cire. Wannan ƙa'ida ita ce tushen rikicin, domin kusancin lokaci ba shi ne ke yanke hukunci ba. Bature zai ce "I sent it a minute ago" a kan abin da bai wuce minti ɗaya ba, kuma ba "have" a ciki. Shi ɗin dai zai ce "I have paid the rent" a kan kuɗin hayar da ya biya wata uku da suka wuce. Abin da ke raba su shi ne tambayar da saƙon yake amsawa. Idan kana gaya wa mutum halin da ake ciki yanzu, wato abin ya tabbata kuma sakamakonsa yana nan, mai "have" ce ke aiki. Idan kuwa kana nuna masa lokacin da abin ya faru, ko yadda aka yi, ko wanda ya yi, ka koma ba da labarin abin da ya wuce, sai marar "have".

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari a Kano, ya sayi yadi daga wata dillaliya a kasuwar Balogun ta Legas, kuɗin kaya naira 850,000. Ita ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Yarabanci, don haka cinikin da Turanci ake yinsa ta WhatsApp. Da ƙarfe 3:15 na yamma ya tura kuɗin ta manhajar bankinsa.

Saƙon farko da zai rubuta shi ne "I have sent the money." Me ya sa? Domin ba tarihi yake ba ta ba. Abin da yake nufi shi ne, kuɗi sun bar hannuna, duba asusunki, ɗaure kaya. Babu agogo a cikin jimlar, kuma ba a bukatarsa. Sabon labari ne da ke neman a yi wani abu a kansa yanzu.

Minti ashirin suka wuce, sai ta amsa: "I haven't seen the alert." Ku lura, ita ma da "have" ta zo, ta koru. Ma'anarta ita ce har zuwa wannan lokaci da nake rubutu alat bai shigo ba, amma ina sa ido. Da Hausa "ban ga alat ba tukuna" za mu ce, kuma duk inda "tukuna" ko "har yanzu" suka dace da maganarka, to "haven't" ce ta dace da Turancinka. Da ta rubuta "I didn't see the alert", da kunnen Bature zai ji kamar tana magana a kan wani lokaci da ya riga ya rufe, misali sa'ad da ta duba wayar ɗazu ba ta gani ba. Jimlar ba kuskure ba ce, amma ba ta ɗauke da wannan jiran da ke cikin ta farkon.

Sai ta ƙara da tambaya: "When did you send it?" To daga nan magana ta juya. Ba wanda ke musun cewa an tura, yanzu lokacin ake nema. Shi ya sa ba za ta ce "When have you sent it?" ba. Amsarsa kuma dole ta bi sawun tambayar: "I sent it at 3:15." Idan zai ƙara bayani, duk a wannan siga zai ci gaba: "I used my bank app", wato da manhajar bankina na yi amfani. "The bank debited me immediately", wato nan take banki ya cire kuɗin. Lokaci, hanya, wanda ya yi, dukkansu bayanin abin da ya wuce ne.

A daidai wannan gaɓa ce mafi yawanmu muke tuntuɓe. Ɗan kasuwar nan, da yake ransa ya fara ɓaci kuma yana son ya jaddada cewa lallai ya biya, sai ya haɗa biyun ya rubuta "I have sent it at 3:15." Ko washegari ya rubuta "I have sent it yesterday." A daidaitaccen Turanci, na Ingila ne ko na Amurka, wannan ba ta zama. Mai "have" ba ta zama jimla ɗaya da lokacin da ya riga ya ƙare. Da zarar ka ambaci jiya, ko makon jiya, ko ranar Litinin, ko ƙarfe kaza, ko ka sa "ago", to "have" ta fita. Idan kana son jaddadawar da lokacin duka, raba su gida biyu: "I have sent it. I sent it at 3:15." Jimla biyu ne gajeru, kowace da aikinta.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi amfani ga mai jin Hausa, kuma littattafan nahawun Turanci da aka rubuta a Ingila ba za su gaya maka shi ba, domin ba don kai kaɗai aka rubuta su ba. Harshenmu ma yana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, kuma masana nahawun Hausa suna kiransu na ɗaya da na biyu. Na ɗaya shi ne "an tura", "mun biya", "sun iso". Na biyu shi ne "aka tura", "muka biya", "suka iso". Ba wanda ya koya mana, amma ba Bahaushen da zai ce "yaushe an tura?" Kowa "yaushe aka tura?" yake cewa, a amsa masa da "ƙarfe uku aka tura." Haka nan "wa ya kawo?", "a ina kuka sauke?", "jiya suka iso." Ko a "na tura" da rubutu ba ya bambantawa, kunne yana bambantawa: idan na ce "na tura" kawai, ina jan wasalin, idan kuma na ce "jiya na tura", gajere ne.

To ku gwada wannan. Kafin ka rubuta saƙon da Turanci, faɗe shi a zuci da Hausa, da jam'i ko da "an". Idan bakinka ya kawo "aka", "muka" ko "suka", kusan kullum marar "have" ce amsar, domin "aka" tana zuwa ne sa'ad da ake nuna lokaci, ko wuri, ko mai aikin, ko ake jera labari, kuma nan ne Turanci ke ajiye "have". Idan kuma "an" ko "sun" ce ta zo, kuma ba ka ambaci lokaci ba, kuma kana iya liƙa "riga" a ciki ba tare da ma'ana ta canza ba, kamar "an riga an tura", to "have" ta samu wuri.

Gwajin yana da iyaka, kuma gara in faɗe ta da kaina. Hausa ta yarda a ce "an tura jiya" ko "sun iso da safe", wato shuɗaɗɗe na ɗaya tare da lokaci a bayansa, ba laifi ko kaɗan. Turanci bai yarda da kwatankwacin haka ba. Daga wannan ƙofar ce "I have sent it yesterday" take shigowa bakinmu. Saboda haka ganin "an" kaɗai bai isa ba, sai ka duba ko akwai lokacin da ya ƙare a cikin jimlar. A ɗaya ɓangaren kuma, uba ya shigo ya tarar yara sun farfasa kwanuka ya ce "me kuka yi?", da Turanci "What have you done?" ce ta fi dacewa, duk da "kuka" da ke ciki, domin ɓarnar da ke gabansa yake magana a kai. Amma a saƙonnin ciniki da aiki na yau da kullum, gwajin zai fisshe ka a mafi yawan lokuta.

Masu sauraronmu na Maraɗi, Damagaram da Yamai, da na Garwa da Njamena, naku tuntuɓen ta wata hanya yake zuwa. Wanda ya yi makaranta da Faransanci ya saba da "j'ai envoyé l'argent hier", kuma wannan jimla daidai take a Faransanci. Ginin nata kuwa ya yi kama da na Turanci sak: kalmar mallaka, sannan aikatau. Sai hannu ya ɗauko ginin ya kai shi Turanci yadda yake. Amma kamannin a gini kawai ya tsaya. Faransancin baka yana amfani da wannan siga wajen ba da labarin kusan duk abin da ya wuce, shi kuwa Turanci ya taƙaita tasa.

Akwai kuma wata da ta zama ruwan dare a Najeriya, kuma ina zargin "tun" ɗinmu tana da hannu a ciki, ko da yake ba Hausawa kaɗai ke yinta ba. Mu muna cewa "na tura tun safe", kuma magana ce mai kyau. Sai a mayar da ita "I have sent it since morning", wani ma ya tsaya a "I have sent it since." A Legas ko Abuja kowa zai gane. Amma "since" a daidaitaccen Turanci tana son abin da ya faro daga wani lokaci ya zarce har yanzu, shi kuwa tura kuɗi abu ne na ƙiftawar ido, ba ya zarcewa. Jira ne ke zarcewa. Don haka da a ce da safe aka tura kuɗin, dillaliyar tana da ikon cewa "I have been waiting since morning", shi kuma ɗan kasuwar abin da zai rubuta shi ne "I sent it this morning", ko "I sent it hours ago" idan yana son ta ji cewa an daɗe.

Tun da mun taɓo safiya, "this morning" tana da wani hali. Idan ƙarfe goma na safe kake rubutu, safiyar ba ta ƙare ba, kana iya cewa "I have called him twice this morning", na kira shi sau biyu da safen nan, kuma mai yiwuwa in ƙara. Idan bayan la'asar ne, safiya ta tafi, sai "I called him twice this morning." Kalmomin lokacin ba su canza ba, agogon mai rubutu ne ya canza.

Wani zai ce, malam, ai ko ya rubuta daidai ko bai rubuta ba, dillaliya ta gane, kuma yadi zai hau mota. Gaskiya ne. "I have sent it yesterday" ba ta taɓa hana ciniki faɗawa ba. Illarta tana fitowa ne a takardar jarrabawa, da wasiƙar neman aiki, da saƙon da za ka aika wa jami'a a waje, inda mai karatu ke auna ka da jimlarka. Amma akwai wuraren da zaɓin yake canza abin da mutum zai aikata, kuma cinikin namu bai ƙare ba, bari mu je can.

Kuɗi sun shiga, an ɗaure kaya, saura a kai wa motar Kano. Ɗan kasuwa ya tambayi ina yaron shagon da zai kai kayan tasha. Amsa uku za su iya zuwa, kuma kowace da inda ta ajiye yaron. Idan ta ce "He has gone to the park", yaron ya tafi kuma bai dawo ba, ko yana hanya ko yana can, don haka kana iya kiransa ka ce ya karɓo lambar direba. Idan ta ce "He has been to the park", ya je ya dawo, aikin ya kammala, lambar direba kuma in bai karɓo ba sai an sake tafiya. Idan kuwa ta ce "He went to the park", labarin tafiyar kawai ta ba ka, ba ta ce komai a kan inda yake yanzu ba, sai ka sake tambaya. Haka abin yake idan wani ya rubuto "The app has stopped working": manhajar ta tsaya kuma har yanzu a tsaye take, nemi mai POS. Amma "The app stopped working" tana iya zama bayanin dalilin jinkirin ɗazu ne kawai, alhali yanzu komai ya daidaita.

To ina matsayin "just", wadda ita ce ta fi yawo a saƙon abin da ya faru yanzun nan? A nan Turawan ma kansu ba su haɗu ba. Mutumin Landan ya fi cewa "I've just sent it." Mutumin Amurka ya fi cewa "I just sent it." Haka suke da "already" da "yet": na Ingila zai tambaya "Have you paid yet?", na Amurka kuma ba ya jin komai idan ya ce "Did you pay yet?" Dukkansu daidai ne a wurin masu su, kuma salon Amurka yana ƙara shiga bakin matasa ko'ina ta hanyar finafinai da waya. Makarantunmu a Najeriya da Ghana Turancin Ingila suka gada, don haka ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, shawarata ya riƙe "have just", "have already" da "haven't yet", domin babu mai makin da zai ja musu jan biro. A saƙon waya tsakaninka da abokin ciniki kuwa, ɗauki wadda ta zo maka. Sai dai a kula, sassaucin hanya ɗaya yake bi. Ba'amurke yana cire "have" a inda Ba'ingile zai sa, amma babu ɗayansu da ke sa "have" kusa da "yesterday".

Wanda ke son ya ga tsarin nan a hannun gwanaye, ya saurari yadda ake ba da labari da ɗumi-ɗuminsa a gidajen rediyon Turanci. Ranar 8 ga Satumba, 2022, kanun labarin BBC shi ne "Queen Elizabeth II has died." Sanarwar da Fadar Buckingham ta fitar a ranar kuwa cewa ta yi "The Queen died peacefully at Balmoral this afternoon." Rasuwa ɗaya ce, rana ɗaya. Kanun yana sanar da duniya sabon halin da aka shiga, sai ya ɗauki "has". Sanarwar fadar ta faɗi wuri da lokaci da yadda abin ya kasance, sai ta ajiye shi. Mu ma a ɗakin labarai haka muke yi da Hausa ba tare da mun tsaya tunani ba: "Sarauniyar Ingila ta rasu", sannan "a Balmoral ta rasu, da yammacin yau." Ku saurari "ta" ɗin nan biyu, ta farko doguwa ce, ta biyu gajera.

Saura wani ƙaramin abu na gini. Aikatau irin su "send" da "pay" suna ɓoye kuskure, domin sigarsu ta biyu da ta uku iri ɗaya ce: "sent" da "sent", "paid" da "paid". Ko ka sa "have" ko ka cire, kalmar ba ta motsi. Asiri yana tonuwa ne a wajen "see", "go", "take" da "write". Marar "have" tana ɗaukar "saw", "went", "took", "wrote". Mai "have" tana ɗaukar "seen", "gone", "taken", "written". Saboda haka "I have saw your message" ba ta da gurbi a ko'ina, haka ma "I seen it" ba ta shiga rubutun makaranta ko na ofis. Bayan "did" kuma aikatau yana komawa asalinsa, "Did you see it?" ake cewa, ba a cewa "Did you saw it?"

Da yawa daga cikin masu rubuta saƙo sun gano wata hanyar zillewa, su rubuta kalma ɗaya tak: "Sent." "Done." "Received." Ko "Just arrived." Wannan ba ragwanci ba ne, Turawan ma haka suke yi, kuma tsakanin mutanen da suka saba ya wadatar. Amma ba ya aiki a wuri biyu. Ba ka aika wa shugabanka a ofis ko malaminka kalma ɗaya kamar kana jifansa da ita. Kuma ranar da kuɗi suka maƙale tsakanin banki da banki, kalma ɗaya ba za ta fitar da kai ba.

Mu ce haka ta faru da ɗan kasuwarmu: an cire masa kuɗi, dillaliya ba ta gani ba, har gari ya waye. Zai rubuta wa sashen kula da abokan hulɗa na bankinsa, kuma saƙon yana bukatar sigogin biyu, kowace a mazauninta. Zai fara da abin da ya faru, da lokacinsa: "I transferred N850,000 yesterday at 3:15 pm and my account was debited." Sannan ya faɗi halin da ake ciki a yanzu: "The receiver has not received the money, and it has not been reversed." Jimlar farko ta ba ma'aikacin banki rana da sa'ar da zai bincika a na'urarsa. Ta biyu ta gaya masa cewa matsalar tana nan ba ta warware ba, kuɗin ba su isa can ba kuma ba su dawo nan ba. Da ya rubuta "did not receive" a jimla ta biyu, da ya bar ƙofar a tambaye shi ko kuɗin sun shiga daga baya. Sai ya liƙa hoton rasit da lambar cinikin a ƙasa, ya aika.